Ƙyallin da Halliru Ya Goge

A unguwar Mardjandafak, bayan layin masu sayar da yadi, akwai wani ɗan shago mai ƙofar ƙarfe shuɗiya da ba a rubuta komai a jikinta ba. Duk wanda ke neman hoto a unguwar ya san nan ne wurin Halliru. A gidan mahauta aka haife shi. Kakansa ne ya zo garin da fatauci ya zauna, ubansa da yayyensa duk a kan teburin nama suka tsufa. Shi kaɗai ya ƙi wuƙa. Yana saurayi ya manne wa wani mai ɗaukar hoto ɗan Kamaru, ya koyi wanke fim a ɗaki mai duhu, da zamanin fim ya wuce kuma ya koyi kwamfuta da kansa, yana ɓatawa yana gyarawa.

Abin da ya fi sani a sana'ar shi ne maiƙon fuska. A garin nan, idan bazara ta kama, mutum ba ya isa shago sai goshinsa da karan hancinsa sun jiƙe. Filashar kyamara na haska su sai su dawo da hasken kamar madubi, hoto ya fito da farin faci a tsakiyar fuska. Shi ya sa Halliru ba ya ɗaukar kowa sai ya zaunar da shi gaban fanka, ya miƙa masa takardar goge fuska ya ce a danna a hankali, kada a murza. Filashar ma rufin ɗaki yake nuna wa, hasken ya faɗo a warwatse. Hotunan da aka ɗauka a wani wuri aka kawo masa gyara, su ne aikin kwamfuta. Amare da ’yan makaranta da alhazai duk sun san hannunsa. Matarsa Halimatu takan ce ko a masallaci aka ba shi hannu, goshin mutum yake fara kallo.

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar zafi, wani mutum ya sauko daga kan babur ya faɗo shagon ko sallama bai ƙarasa ba. Ghali ne, mai sayar da raguna, mazaunin unguwar Toukra, can ƙetaren kogi. Surukinsa Malam Hashimu ya ɓata. Tsohon bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, ’yarsa Iyatu, matar Ghali, ita ta sa aka ɗauko shi saboda ya fara mantuwa kuma ba mai kula da shi a can. Ba ya jin Larabci, ba ya jin Faransanci, harsunan da ake yi a garin. Jiya da safe ya fita kamar zai zaga bayan gida, shi ke nan.

"Hoto ɗaya muke da shi, Malam Halliru," in ji Ghali, yana miƙo waya. "Ka gan shi. Fuskar ba ta fita ba, duk haske ne. Ka gyara ka buga mana da yawa, mu liƙa, mu tura wa mutane."

Ranar wani suna aka ɗauki hoton, da tsakar rana, a tsakar gida. Tsohon ya ture hularsa baya saboda gumi, rana ta sauka a goshinsa da hancinsa. Halliru ya tura hoton cikin kwamfuta ya faɗaɗa shi. Hancin mai sauƙi ne, akwai sauran fata a ƙarƙashin ƙyallin. Goshin ne ya ƙone. Tsakiyarsa fari fat, babu launi, babu ƙofar gashi, kyamara ba ta riƙe komai a wurin ba. Daga gefen farin kuma wani haske ya miƙe ya lanƙwasa zuwa girar hagu.

Ya yi yadda ya saba. Ya ajiye asalin gefe, ya shimfiɗa wani falle a kan hoton don kada ya taɓa na ƙasa. Ya tsinci launin fata daga dab da ƙyallin, ya ɗauki buroshin kwamfuta mai taushin baki, ya rage masa ƙarfi sosai, ya saita shi yadda ba zai taɓa komai ba sai abin da ya fi launin nan haske. Ya riƙa shafawa kaɗan kaɗan, farin yana dusashewa. A karan hanci ya bar ɗan siririn haske, don in an kashe shi gaba ɗaya fuska takan baje kamar an zana ta a bango. Inda goshin ya ƙone, launi kaɗai ba ya isa, sai wurin ya zama sumul kamar roba. Ya ɗebo tsarin fata daga ɓangaren dama na goshin ya dasa a can. Hasken da ya lanƙwasa zuwa gira, shi ma ya bi shi ya rufe.

Ghali yana tsaye a kansa yana amsa waya, wani ya ce an ga tsoho a tasha, wani ya ce a bakin kogi. Ya leƙo ya kalli fuskar.

"Yauwa, shi ne. Baba ke nan. Buga."

Aka sa suna da lambar waya a ƙasa. Kafin la'asar hoton ya hau bangon masallatai da turakun lantarki, ya shiga wayoyin mahauta da dillalan dabbobi daga Toukra har cikin gari. Halliru ya koma gida ya gaya wa Halimatu cewa yau ya yi aikin lada.

Kwanaki suka wuce ba labari. Da labarin ya zo, a bakin wani mai yankan nama ya ji shi. An tsinci gawar tsohon a wani kango can bayan unguwar Habbena, a jingine da bango, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Zafi da ƙishirwa ne. Yadda aka yi ya ƙetare gada ya kai can, ba wanda ya sani.

Halliru ya hau babur ya tafi gaisuwa Toukra. Maza suna zaune a kan tabarmi ƙarƙashin rumfa, aka yi addu'a aka shafa. Ghali ya rame, idanunsa sun faɗa. Da mutane suka ragu ya matso kusa ya yi magana ƙasa ƙasa, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin abin da ya sami wani.

Akwai wata mai shayi a bakin hanya a Habbena, Jidda, Balarabiya. Tsohon ya yini a inuwar rumfarta har sau biyu. Ta ba shi ruwa da shayi da burodi, ta yi masa magana bai gane ba, shi ma ya yi mata ba ta gane ba. Wani mai babur ya nuna mata hoton a waya ya ce ko wannan ne. Ta duba hoton, ta dubi tsohon. Na gabanta yana da tabo a goshi, babba, mai sheƙi, ya sauko har gira, shi ne abin da ido ke fara faɗawa a kai. Na hoton goshinsa lafiya lau, kuma ya fi ƙuruciya. Suka ce ba shi ba ne. Ba su kira lambar ba. Washegari bai dawo ba.

"Ƙahon bijimi ne ya yi masa tabon, tun yana saurayi," in ji Ghali. "Kullum hula na rufe rabinsa. Wallahi a gabana ka yi aikin, ban lura ba. Na ga Baba ne kawai."

Halliru ya yi musu sallama ya fito. Da ya koma shago ya buɗe asalin hoton ya faɗaɗa goshin har ya cika fuskar kwamfutar. Ga shi nan. Hasken da ya lanƙwasa zuwa gira yana da baki, yana da iyaka, ba ya narkewa cikin fata yadda maiƙo ke yi. Fatar tabo ta fi sauran santsi da haske, rana ta kama ta fiye da ko'ina. Da ya tsaya ya duba, da ya tambaya. Shekara da shekaru hannunsa yana ganin fari a goshi yana rufewa, ranar ma haka ya yi.

Ba wanda ya zo ya zage shi. Wasu suka ce kwana ne ya ƙare, wasu suka daina kawo masa aiki ba tare da sun faɗi dalili ba. Halimatu ta ga ya rage cin abinci, ta yi magana sau ɗaya, ya ce zafi ne.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon, sanye da mayafi ruwan toka. Ta ce ita ce Iyatu. Halliru ya miƙe ya ba ta kujera, ya yi mata gaisuwa.

"Ban zo da rigima ba, Malam," ta ce. "Ranar da na ga hoton a bango na ce wa Ghali ina tabon Baba. Ya ce an riga an raba, za a gane shi a haka. Na yi shiru. Ni ma da nawa laifin." Ta gyara mayafinta. "So nake ka buga mini guda ɗaya in ajiye. Ka cire hasken, amma ka bar masa tabonsa."

Ya jawo mata kujerar kusa, ya buɗe asalin. Ya nuna mata da yatsa.

"Wannan jelar da ta sauko gira, tana nan, zan iya fito da ita. Amma nan tsakiya, Hajiya, babu komai. Rana ta cinye. Duk abin da zan sa a wurin, ni ne na zana. Sai dai ki gaya mini yadda yake."

Ta sunkuyo ta ƙura wa farin ido. Ta ce daga sama yake farawa, kusa da gashi. Ya ja layi mara ƙarfi. Ta ce a'a, ya fi haka faɗi. Ya faɗaɗa. Ta ce kamar yana da reshe ta dama. Ya sa reshen, ta daɗe tana kallo, ta ce ya cire, ba ta tabbata ba. Suka yi ta yi har aka kira azahar. Wannan goshin ta shafa wa mai da hannunta duk watannin nan, ta goge masa gumi, amma yanzu ko wane layi aka ja sai ta ga kamar shi ne, sai kuma ta ga ba shi ba.

"Bar shi," ta ce a ƙarshe. Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Buga mini yadda aka ɗauka."

Ya buga mata asalin, da farin goshin da komai, ya sa a ambulan. Ta karɓa ta tafi.

Halliru yana nan a shagonsa har yanzu, gashinsa ya yi fari, ya fara sa tabarau. Yana ɗaukar hoto, yana gyara na biki da na makaranta. Amma in aka kawo hoton wanda ba ya wurin, sai ya tsare mai kawowa da tambaya, akwai tabo, akwai zane, akwai tawadar Allah, har mutane su ƙosa. Da yawa sun koma wajen samarin da ke gyarawa a waya nan take. Hoton cigiya kuwa ba ya taɓa shi ko an roƙe shi, yadda ya zo haka yake bugawa. Ghali yakan bi ta layin da ragunansa gab da sallah, su gaisa daga nesa, kowa ya kama gabansa.