Amsar da Labo Ya Rubuta wa Majo

Duk wanda ya bi ta bakin kasuwar Gazawa ya san kantin Alhaji Bakari, inda ake sayar da faifan sola da batura da ƙananan firiji. In ka leƙa ciki za ka ga wani dogon mutum a kan benci kusa da ƙofa, takalmansa a waje, biro a aljihun gaba. Wannan shi ne Labo, abokina tun muna lakol, wato makarantar boko, a Cadawa. Ni kuwa ina tsallaken hanya, a wata rumfar kwano inda nake buga takardu da yin fotokopi, don haka rayuwarsa kusan duka a gaban idona take.

Labo ya iya Faransanci, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Tun muna yara shi ne mai gyara wa malami allo a zuci, ni kuma mai kwafa daga littafinsa. Lissafi ne ya kayar da shi a jarrabawar bak ta gama sakandare har sau biyu. Ya yi shekara bakwai yana malamin kwantiragi a wani ƙauye wajen Sae Sabuwa, cikin ajin zana da ake rushewa duk damina. Shekarar da aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawa aka sallami da yawa, lissafin nan ya sake biyo shi. Ya dawo Gazawa da mata da 'ya'ya uku da akwatin littattafai.

Matar tasa, Safina, ɗiyar farin Alhaji Bakari ce. Alhaji ya ba su ɗakuna biyu a bayan gidansa, ya ba Labo benci a kanti, ya kuma damƙa masa babbar wayar kanti. Alhaji ya yi karatun allo, ya san Jibiya da Katsina kamar tsakar gidansa, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Masu sayen sola kuwa rabinsu ma'aikata ne da aka turo daga nesa, kuma a rubuce suke son komai. Labo ya zama bakin Alhaji. Abin da Alhaji ya faɗa da Hausa shi yake juyawa ya tura, Alhaji kuma ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Wannan yardar ita ce kaɗai abin da Labo ya mallaka a gidan, domin ɗaki da benci da tuwon dare duk na surukinsa ne.

Sai dai aiki da suruki aiki ne mai wuyar sha'ani. Labo ba ya haɗa ido da Alhaji, ba ya cin ko gyaɗa a gabansa, in zai yi magana sai ya sauko daga benci ya durƙusa. Shi ma Alhaji ba ya kiran sunansa, Malam yake ce masa. A shekara shida ban taɓa jin Labo ya ce masa "me kake nufi" ba. In bai gane magana ba, sai ya tsallako rumfata mu yi ta juya ta kamar masu neman ƙwaya a buhun ƙaiƙayi. Na sha yi masa tsiya cewa ya fi kowa aiki a garin, tunda fassara biyu yake yi, ta harshe da ta zuciyar Alhaji.

Wata ranar Litinin da hantsi saƙo ya shigo wayar daga wani da ake kira Mushe Hamani a salon Faransanci, majo, wato babban ma'aikacin jinya, na wani asibitin ƙauye, Bazabarme da aka turo daga yamma, wanda Hausarsa ba ta wuce ta sayen tumatir ba. Wata biyu kafin nan ya sayi babban batir don firijin gidansa, yanzu batirin ya daina riƙe wuta. Saƙon dogo ne, kuma na karanta shi da idona. Ya ce an sayar masa da tsohon kaya da sunan sabo, ya kira Alhaji macuci, ya ce yana son amsa a rubuce cikin kwana biyu, e ko a'a, za a musanya ko ba za a musanya ba. In ba haka ba ranar Laraba jandarma za su ji.

Labo ya durƙusa ya juya wa Alhaji saƙon. Ya tsallake kalmar macuci, amma bai iya tsallake jandarma ba. Alhaji ya ja carbi, sannan ya tambaya ko majon ya sayi regilato, wato na'urar da ake sa wa tsakanin faifai da batir don kada caji ya yi masa yawa. Labo ya ce bai saya ba, wai mai haɗa masa ya ce ba dole ba ne. Alhaji ya gyaɗa kai. Duk mai sana'ar ya san batirin da aka jona kai tsaye da faifai ba ya daɗewa.

"Malam, ka ce mai ya yi haƙuri," in ji Alhaji. "Ka ce baƙo ne a garinmu, ba mu yin haka da baƙo. Shi ɗauko batirin shi taho mu zamna. Ba a rasa yadda za a yi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya tashi ya tafi karɓar kaya a tasha.

Labo ya tsallako wurina da littafin da yake fara rubuta amsa a ciki kafin ya buga a waya. Mu biyu mun san abin da ke ran Alhaji, domin mun ga ya yi shi ba sau ɗaya ba. Mutumin zai zo, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a nuna masa cikin lalama cewa laifin na mai haɗawa ne. In ya sauko ya yarda, sai Alhaji ya sa a ɗauko sabon batir ya ce a kai masa mota, ya sayar masa da regilato a kan kuɗin sari. Haka Alhaji yake kyauta, bayan an yarda ba dole aka yi masa ba. Abin da ba ya yi shi ne alkawari kafin zama, balle alkawarin da aka sa wa wa'adi da sunan jandarma.

Matsalar ita ce majon bai san wannan ba. Labo ya rubuta amsar farko daidai yadda aka faɗa masa: an ga saƙo, ana ba da haƙuri, ana gayyatarsa ya zo da batirin a tattauna. Ya karanta mini, Faransanci mai tsabta, amma ni kaina da na saurara da kunnen ma'aikaci, abin da na ji shi ne ɗan kasuwa yana zille-zille. Mutumin da ya ce e ko a'a, in ya ga wannan, ranar Laraba zai wuce kanti ya nufi buron jandarma, wato ofishinsu. Ba wai za a ɗaure Alhaji ba. Amma a kira dattijo kamarsa da takardar sammaci, a zaunar da shi a benci gaban yara sa'o'in 'ya'yansa, kuma ta hanyar wasiƙar da surukinsa ya rubuta, Labo ya ce gara a sake korarsa daga aiki.

Na ce masa ya koma ya tambayi Alhaji kai tsaye ko ya yarda a rubuta cewa za a musanya. Ya dube ni kamar na ce ya shiga kanti da takalmi. Tambayar tana nufin yana gaya wa surukinsa cewa maganarsa ba ta isa ba, kuma tana tilasta wa Alhaji ya furta abin da bai so furtawa. Na ce to ya bi ta wurin Safina. Ya ce Alhaji ko sunanta ba ya kamawa don kunyar ɗiyar fari, ta ina za ta shiga maganar batir. Raina ya ɓaci, na ce masa su biyun sun gina wa kansu ɗaki ba ƙofa, ya ce ya sani.

Har la'asar yana rubutu yana sokewa. A ƙarshe ya bar komai yadda yake, ya ƙara jimla ɗaya tak: in kun zo da batirin, za a ba ku sabo. Ya ce ai ba ƙarya ya yi ba, abin da Alhaji zai yi ke nan. Na ce haka ne. Ban hana shi ba, kuma har yau abin yana damuna.

Ranar Laraba majon ya iso a motar asibiti, da wani direba Bahaushe mai yi masa tafinta. Aka shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama, ya ce yana sauri. Alhaji ya fara maganar regilato a hankali, majon ya katse shi, ya ɗaga waya sama, direban ya juya wa kowa abin da ke ciki da ƙarfi: an rubuta za a ba shi sabo, ya zo karɓa. Ranar akwai mutane a bakin kantin, har da 'yan kasuwa biyu sa'o'in Alhaji. Ɗayansu ya yi murmushi, ya ce ashe dai sunan jandarma yana aiki.

Labo yana durƙushe gefen ƙofa, kansa a ƙasa. Ina tsaye a bakin hanya, na ga Alhaji ya juya wajensa, ya tsaya kaɗan, ya kau da kai. Ba zai ƙaryata mijin ɗiyarsa a gaban baƙi ba.

"Haka na ce a rubuta," in ji Alhaji. "A ɗauko mai."

Aka ɗora sabon batir a mota. Majon bai yi godiya ba, don a ganinsa haƙƙinsa ya karɓa. Bai sayi regilato ba, ba wanda ya sake ambata shi.

Na zaci za a yi faɗa, har na so a yi, domin faɗa yana ƙarewa. Alhaji bai ce wa Labo komai ba, ranar ko bayanta. Bai karɓe wayar ba, bai rage masa komai ba, Safina ma ba ta ji labarin daga bakin ubanta ba. Labo ya kwana uku yana shirya kalmomin ban haƙuri, amma ba a ba da haƙuri kan abin da dattijo ya ce shi ya faɗa. Ya yi maganar komawa Maradi neman aiki a lakol mai zaman kanta, sai dai barin gidan yanzu zai zama kamar ya yi fushi da surukinsa, shi kuma ba shi aka yi wa laifi ba.

Sati ɗaya bayan haka wani daraktan lakol ya rubuto yana ƙorafin firiji. Alhaji ya faɗi amsa, Labo ya buga. Kafin ya tura, Alhaji ya miƙa hannu, ya karɓi wayar, ya sa takalmi, ya tsallako hanya zuwa rumfata.

"Munir, karanta mini wannan da Hausa," ya ce. "Kada ka tsallake komi."

Na karanta. Babu ƙari, babu ragi, aikin Labo ne mai kyau yadda ya saba. Ta saman kafaɗar Alhaji ina hango abokina a kan bencinsa, yana kallon ƙasa. Alhaji ya yi mini godiya, ya koma, ya miƙa wa Labo wayar ya ce ya tura.

Yau shekara biyu ke nan. Wani lokaci sau uku a yini Alhaji yake tsallakowa, kuma ban taɓa samun kalma ɗaya da ba tasa ba. Na faɗa wa Alhaji haka, ya ce ya sani. Labo ya daina shigowa rumfata da littafinsa. Muna gaisawa da safe daga tsallaken hanya, shi ya zauna ya jira saƙo, ni in zauna in jira a kawo mini abin da ya rubuta.