Wayar da na ajiye a bakin ƙofa

Ranar da 'yata ta fari, wadda ta zama likita, ta yi wa matan kasuwa lacca kan hawan jini, na je da waya cike da caji. Uwarta ce ta aike ni, don ciwon ƙafa ya hana ta saukowa daga tudun Mpape. Ba ta ce in ɗauko mata muryar ba, kunyar 'yar fari ba ta bar ta ba. Cewa ta yi, "Ka riƙe wayar nan da kyau."

Ni ma kunyar ce ta cuce ni. Ina ni ina zama a gaba ana nuna ni? Na laɓe can bakin ƙofa, na danna wurin ɗaukar murya. Zauren kuwa sabo ne, siminti tsirara, ba labule ba kafet. Da muka kunna a gida, sai ka ce daga cikin rijiya take magana.

Na kai wa wani mai situdiyo a Apo, wanda ke haɗa tallan rediyo. Ya sa abin kunne, ya yamutsa fuska.

"Baba, bango ka ɗauka. Muryar ta daki siminti ta dawo kafin ta iso ka."

"To wanke min ita. Ni ajina uku a firamare, shi ma rabinsa a kan mangwaro na yi."

Ya ce amsa-kuwwa ba a cire ta duka, ragewa ake yi. Ya nuna min a kwamfuta yadda kowace kalma ke jan wutsiya, tana hawa kan ta gabanta. Na ce ya murɗa na'urar har ƙarshe, ya ce zan yi nadama. Na nace.

Wutsiyar ta tafi, amma muryar ta koma siririya, tana ɓulɓul kamar a ruwa. Uwarta ta saurara kaɗan, ta miƙo min wayar.

"Wannan ba ita ba ce."

Washegari na koma da hula a hannu. Ya ɗauko na asalin, ya rage gurnanin da ke ƙarƙashin muryar, ya datse wutsiyar rabi kawai, ya bar sauran amon zauren a ciki. Can yana saurare sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Baba, akwai wurin da bai buƙaci gyara ba. In yanke?"

Ya kunna min. Na daɗe ina susar ƙeya, na ce ya bari.

Da la'asar uwarta ta jingina wayar da kwano, tana tsintar shinkafa kamar ba ta ji. Muryar ta fito, da ɗan nisa, amma tata ce, har da yadda take jan "to". Hannun uwar ya tsaya. Sai ga muryar wani tsoho kusa da waya, tar, yana gaya wa na gefensa, "Ka ga likitar nan? 'Yata ce."

Ta dube ni ta gefen ido.

"Malam, ba ka da kunya." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Mayar da shi baya."