Tsarkin Kashin Tantabara

Shekara goma sha ɗaya tantabaru suka yi a gidana, kuma ni na ba su masauki da bakina. Gidan bene ne ɗan ƙarami a bayan Ƙofar 'Yandaka, ƙasa zaure da ɗakin karatuna da kicin, sama ɗakunan kwana biyu da baranda mai kallon gabas. Guda biyu suka fara zuwa, suka yi sheƙa a kan dakalin da ke ƙarƙashin kwano. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana raye a lokacin, ta ce tantabara ba ta zama inda babu albarka, kada kowa ya kore su. Na ji daɗin maganar. Kullum bayan hantsi nakan watsa musu tafin gero, in tsaya ina kallonsu suna kurciya da wuya suna zagaye juna.

Biyu suka zama goma, goma suka zama abin da ban iya ƙirgawa.

Maiɗakina ce ke sharar barandar. Mace ce da ba ta iya ganin ƙazanta ta wuce. Kowace safiya sai ta ɗauki guntuwar tsintsiya ta duƙa, ta kankare busasshen kashin da ya manne a siminti, ƙura fara ta tashi ta lulluɓe ta, ta tara a buhu. Idan buhun ya cika mukan aika wa ƙanenta a Batagarawa, yana zuba wa albasa. A nan barandar kuma take shanya, a nan take tsefe kai, a nan take sallar walha. Sau ɗaya kawai ta taɓa yi mini ƙorafi. Ta ce abin ya yi yawa, har kan dardumarta suke yi. Ni kuwa na gyara zama na ba ta fatawa. Na ce a mazhabarmu duk dabbar da ake cin namanta, kashinta mai tsarki ne matuƙar ba najasa take ci ba, kuma waɗannan gerona suke ci daga hannuna. Har na sauko da littafin da na yi karatu da shi, na nuna mata inda malamina ya sa na rubuta fassarar da ajami a gefen shafi. Ta ce, "To, Malam," ta ɗauki tsintsiyarta. Ba ta sake ɗaga maganar ba.

Tari ya fara mata kamar wasa. Busasshe, babu kaki. Da safe lafiya lau take, sai wajen azahar zuwa la'asar jikinta ya ɗauki zafi, ta rinƙa jin sanyi, gaɓoɓi su yi mata nauyi. Muka ce zazzaɓin sauro ne, aka sha magani. Muka ce sanyi ne, aka dafa citta da kanumfari. Da ta fara ramewa, aka ce a duba tarin tibi, aka gwada har sau biyu ba a samu komai ba. Ni kuma na yi abin da na sani, na rubuta na wanke ta sha, na yi addu'a iyakar ƙarfina. Amma matar da ke hawa benen nan da tulin wanki a ka, sai ga ta tana tsayawa a tsakiyar matakala, hannu a bango, tana neman numfashi.

Ana haka matar ƙanenta ta haihu, ta tafi Batagarawa zaman suna. Kwana takwas ta yi. Da na je ɗauko ta, na tarar da ita a bakin murhu tana tuƙa tuwon mutum ashirin tana dariya, tarin ya lafa, zazzaɓin ya ɗauke. Na yi hamdala a raina. Muka dawo ranar Lahadi, ta tarar da baranda ta yi kaca-kaca da kashin kwana takwas, Litinin da safe ta share. Kafin la'asar ta kwanta tana rawar sanyi, leɓɓanta sun yi duhu, ba ta iya haɗa kalma uku ba tare da ta tsaya ba.

'Yan uwa suka ce gidan ne. Yayarta ta ce akwai wani abu a saman nan, a yi hayaƙi, a yi karatu. Ashe ta yi gaskiya ta inda ba ta nufa ba.

A asibiti aka sa mata iskar numfashi, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitar da ta duba ta mace ce 'yar Filato, ta daɗe a Katsina har Hausarta ta koma irin tamu. Ta yi ta tambaya a hankali: wane aiki take yi, da me take girki, yaushe abin ke tasowa, yaushe yake lafawa. Da na ba ta labarin Batagarawa sai ta ajiye biro. Ta tambaya ko muna kiwon tsuntsaye. Na ce ba ma kiwo, sai dai tantabaru da suka zo da kansu. Ta tambayi wanda ke share kashinsu, da kuma ko ana yayyafa ruwa kafin shara. Maiɗakina ta nuna kanta, sannan ta girgiza kai daga kan gado.

Likitar ta yi mana bayani. Ta ce kashin tantabara idan ya bushe yakan zama gari, ya haɗu da wata farar ƙura da ke fita daga gashinsu, kuma idan an shaƙa yana shiga can cikin huhu. Wasu jikinsu ba ya damuwa da shi, shi ya sa ni ban ji komai ba. Wasu kuwa huhunsu sai ya ɗauke shi abokin gaba, ya kumbura 'yan sa'o'i bayan shaƙar, kuma idan aka daɗe ana haka kumburin yakan bar tabo da ba ya gogewa. Ta ce a hoton akwai alamar tabon ya fara. Ta ƙara da cewa ban da wannan, akwai cututtukan da ke rayuwa a tsohon kashi da ya taru, don haka za su duba su ma.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Amma likita, ai mai tsarki ne," ba.

Ta dube ni, ba da raini ba. Ta ce, "Malam, wannan fanninku ne, ban musa ba. Ni dai huhu na sani. Ko garin dawa ma ai mai tsarki ne, amma ba a shaƙa shi shekara goma."

Na rasa inda zan sa idona. Na yi ta maimaita innalillahi a zuci. Hukuncin da na karanta daidai ne, yana maganar ko sallah ta inganta a kan dardumar da abin ya taɓa. Bai ce komai a kan ƙirjin mai shara ba. Ni na ɗauki amsar wata tambaya na rufe bakin matata da ita a kan wata tambayar daban.

Likitar ta ce za ta ba da maganin rage kumburi, amma magani na gaske shi ne kada ta sake shaƙar ƙurar nan. Ba za ta koma gidan ba sai an raba shi da tantabaru an wanke shi. Daga asibiti Batagarawa aka wuce da ita.

Washegari na kira wani kafinta, dattijo ne sa'ana, tare muka yi makarantar allo, sai ya zo da mai walda. Likitar ta rubuta mana irin takunkumin da za mu saya, mai kama fuska sosai, ta ce ƙyalle ko rawani ba ya tare wannan ƙurar. Muka sa, da safar hannu ta roba. Kafintan ya leƙa ƙarƙashin kwano ya ce akwai kafa inda katako ya ruɓe, ta nan suke shiga. Ya ce a ɗaga silin ɗin ɗakin kwana a gani. Na ce ai a baranda kawai suke. Sai ya hau tsani ya zare falle ɗaya.

Abin da ya zubo ban taɓa ganin irinsa ba. Busasshen kashi, gashi, karan sheƙa, ɓawon ƙwai, da gawar wata da ta bushe ta zama kamar tsumma. Ya haska fitila ciki ya ce in hau in duba. Daga bango zuwa bango, kaurin kashin ya kai tsawon yatsa, wani wurin ya fi, har silin ya lotsa daidai saman gadonta. Ta tsagar da ke gefen fanka kuwa garin ke sauka, fanka tana raba shi a ɗakin. Na sauko na zauna a bakin ƙofa.

Kafintan ya ce, "Malam, wannan albarkar taka ta yi yawa, har ta fi ƙarfin silin." Ban iya dariya ba. Shi ma da ya ga fuskata sai ya koma kan aikinsa.

Kwana huɗu muka yi. Ba mu taɓa komai a bushe ba, sai an yayyafa ruwan sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya jiƙe, sannan a kankare da shebur a zuba a leda a ɗaure. Silin ɗin gaba ɗaya aka cire aka sa sabo. Katifa da labule da darduma aka fitar. Muka tarar murfin tankin ruwan da ke saman gida ya goce, gefensa fari fat da kashi, aka zubar da ruwan aka wanke aka ɗaure murfin da waya. Maƙwabcina ya ba da shawarar a rataya faifan sidi da leda mai ƙyalli, mai waldan ya ce ya gwada a shagonsa, kwana uku tantabarun suka ji tsoro, rana ta huɗu a kan igiyar da ya rataya kayan suka sauka. Ya ce tantabara abu biyu take nema, abinci da wuri shimfiɗaɗɗe, a hana ta su. Aka toshe duk wata kafa a ƙarƙashin kwano da ragar waya mai ƙananan ido, aka rufe barandar da raga daga sama har ƙasa, dakalin kuma aka cika shi da siminti aka karkata shi yadda ko ƙwai ba zai tsaya ba. Kafin a rufe kafar ƙarshe sai da muka tabbatar babu mai rai a ciki. 'Yan shila bakwai muka samu, kafintan ya tafi da su gida a kwali, ya ce farfesu ma sadaka ce. Geron kuwa na daina watsawa, kuma na bi maƙwabta biyu masu watsa musu na roƙe su su daina.

Makonni suka yi suna zuwa suna kama ragar da ƙafa, suna leƙen wurin da aka haife su. Nakan juya baya in sauka ƙasa.

Ta dawo bayan wata biyu. Zazzaɓin bai sake zuwa ba, tarin ya ragu ƙwarai, ta mayar da jikinta. Amma matakalar nan goma sha huɗu har yau ba ta hawa ta da numfashi ɗaya, kuma likitar ta ce wannan mai yiwuwa haka zai zauna. Na kwashe littattafaina na mayar sama, ɗakin karatuna na ƙasa ya zama nata.

Ranar da muke jera kaya na nemi gafararta. Ta ce ba ni na aiko tantabaru ba. Na ce amma ni na hana ta magana. Ta daɗe tana ninke zani kafin ta ce, "Na yafe, Malam. Amma ka gyara littafin nan, kada wani ɗalibinka ya karanta wa tasa matar."

Littafin ba shi da laifi, don haka ban taɓa ko wasali ɗaya ba. Na dai jiƙa tawada, na buɗe shafin, a ƙarƙashin rubutun da na yi ina saurayi na ƙara layi biyu da ajami: mai tsarki ne, sallah ta inganta, amma kada a share shi a bushe, kuma kada a bar shi ya taru inda mutum ke kwana. Duk ɗalibin da ya iso wannan babin yanzu, sai na sa ya kwafi layukan nan biyu kafin mu wuce gaba.