Gurbin da Na Bari a Hoto

Lokacin da nake aikin hoto a Ƙauran Namoda, wani dillalin shanu daga Shinkafi ya kawo hotonsa da amininsa. Sun ɓata, yana so in cire aminin. Na goge mutumin a kwamfuta, amma na manta ban rage faɗin shafin zuwa kafaɗar dillalin ba. Gurbin ya fito fari fat a takarda, haka na ba wani direban motar Shinkafi ya kai masa.

Bayan sati dillalin ya dawo, ya dangwarar da hoton a teburina. Na datse farin gefen, na sake bugawa.

Ya ce, "Da yana ciki ba mai kula shi. Yanzu kowa ya shigo zaurena sai ya tambaya, wa aka fidda nan?"