Malama Wa-Ya-Musa da Ƙofar da Take Kullewa

Shekara goma sha tara muna raba tebur ɗaya da ita a ofishin malamai, ni ina koyar da tarihi, ita tana koyar da rubutun insha'i, kuma ba zan ɓoye muku ba, matar nan ta iya ba mutum haushi. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Wa-Ya-Musa. Yaro zai buɗe insha'insa da cewa ruwa yana da amfani ga ɗan Adam, sai ta sauke tabarau ta tambaye shi wa ya musa. A wajenta, jimlar da ke ɗauke da matsayar marubuci dole ta zama wadda mai hankali zai iya ja da ita, ta kuma faɗi takamaiman abu. Sannan takan kwafe jimlar a 'yar takarda, ta riƙa jan ta ƙasa sakin layi bayan sakin layi, tana duba wanda ya riƙe ta da wanda ya tafi yawonsa.

Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne ƙofa. Darasinta ne na farko da safe, kuma ƙararrawa na bugawa take murza makulli. Ko ɗan waye kai, a baranda za ka ƙare.

A bara aka ce kowace makaranta ta aika insha'i ɗaya gasa, kuma sai shugabar sashe ta sa hannu. Ita ce shugabar, ni da shugaban makaranta muka cika alƙalai uku. Aka tace, saura biyu. Na farko turare kawai yake zubawa: ilimi shi ne ginshiƙin ci gaban al'umma. Na biyu na wata ɗaliba ce da ke zuwa daga bayan tashar mota, rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Matsayarta ita ce a daina kulle wa masu makara ƙofa a darasin farko, domin hukuncin yana faɗawa kan masu zuwa daga nesa ne, ba kan malalata ba.

Na saci kallon Malama, na ce a raina yau yarinyar nan ta taro wa kanta. Ita kuwa sai ta ciro 'yar takardarta. A na farkon ta nuna mana cewa babu mai musa jimlar, kuma ba ta ce wane ilimi ba, balle wane ci gaba. Sakin layi na biyu ya koma noma, na uku tarbiyya, za ka iya juya su yadda ka so ba abin da zai lalace. A na yarinyar, sakin layi na farko ya ƙirga waɗanda aka kulle wa ƙofa a zango ɗaya da unguwanninsu. Na biyu ya nuna lokacin da motar farko ke isowa. Na uku ya kawo hujjar masu cewa horo ne, ya amsa da cewa a bar su su shiga, a hukunta su lokacin hutun tara. Na huɗu ya kauce zuwa ƙorafin fanfon makaranta, nan ta zabge maki biyu ba tausayi. Duk da haka ta ba shi rinjaye.

Shugaba ya ce ba zai aika takardar da ke tona wa makarantarsa asiri ba. Ya tuna mata cewa ita ake zagi a ciki, ya kuma tuna mata cewa kujerar shugabar sashe ba gadon gidansu ba ce. Ni dai, Allah ya yafe mini, ban goya mata baya ba, kuma har yau ina jin kunyar abin.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "tun ɗazu nake faɗa da takardar nan a zuciyata, shi ya sa na san insha'i ce. Waccan ko barci nake zan yarda da ita. Ka ɗauki kujerarka, hannuna ba zai hau waccan takardar ba."

Ranar ce ta ƙarshe ta aikawa, ba damar naɗa wani, dole ta yarinyar ta tafi. Kafin mako ya zagayo an sauke Malama. Ta kwashe littattafanta daga kabad ɗin sashe ta jibge a rabina na teburin, ko izini ba ta nema ba.

Ranar Litinin ina wucewa ta baranda, ƙararrawa ta daɗe da bugawa, sai ga yarinyar da gudu, takalmi duk ƙura. Ta ja ta tsaya inda ta saba tsayawa. Ƙofar a buɗe take.

"Shigo ki zauna," in ji Malama, ko juyowa daga allo ba ta yi ba. "Da tara ki same ni, akwai shara. Ke kika rubuta."