Amshin da Inna Malama ta hana mu rerawa

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban jin zan manta da ranar da Inna Malama ta aiko a kira ni saboda wata waƙa da na yi mata. Shekaru sun ja, amma har yau idan na tuna sai in ji kunya ta kama ni, sannan ƙaunar baiwar Allahn nan ta biyo baya.

Ni mai kitso ce a cikin garin Gwarzo, kuma wanda ya san mai kitso ya san bakinta ba ya hutawa. Tun ina budurwa Allah Ya hore mini haɗa waƙa, ko biki ake sai an nemo ni. Karatu ne dai ban samu ba, sai da na haura arba'in na shiga makarantar matan aure da wata dattijuwa take yi a tsakar gidanta bayan la'asar. Ita ce muke kira Inna Malama. 'Yar siririya ce, ba ta ɗaga murya, ga haƙuri kamar ƙasa. Ni kuwa ga taurin kai ga saurin fushi. Sau biyu ina jefar da allo in tafi gida, sau biyun tana biyo ni har ɗaki ta ce, "Tashi mu je, 'yar nan, baƙin da ke allon bai gudu ba, yana nan yana jiranki." Shekara shida muna wannan fama har na sauke Alƙur'ani, na kuma iya rubutun ajami.

Da aka sa ranar walimar saukarmu, mu tara, sai na ce me zan ba matar nan? Turmin atamfa ba ya burge ta, ko an kai mata sai ta ba wata. Abin da na iya shi ne waƙa. Na zauna na tsara ta yadda na ji ana tsara waƙoƙin makaranta. Na buɗe da sunan Allah, na yi salati ga Annabi da alayensa da sahabbai, sannan na shiga yabon Inna. 'Yar ƙwar biyu ce, kowane baiti layi biyu, kuma kowane baiti yana ƙarewa da "ra". Baiti ashirin da ɗaya na yi, na rubuta su da hannuna da ajamin da ta koya mini. Amshin da za a riƙa maimaitawa bayan kowane baiti kuwa shi ne:

Inna gare ki muka dogara,
Ke za ki cece mu ran lahira.

Wallahi lokacin da ya zo mini har rawa na taka a ɗaki. Ƙa'idar makarantarmu ita ce duk waƙar da za a rera a taro sai an fara karanta wa Inna ta duba. Ni da wayona na ce ai wannan ba-zata za mu yi mata. Na riƙa koya wa 'yan ajinmu amshin a gidana, kan wata yana kan cinyata ina kitso muna rerawa. Na kuma ɗauki muryata a waya na tura wa ƙanwata da ke aure a Kabo, don ta ji yayarta ta zama malama. Ashe nan na ɓallo ruwa.

Saura kwana biyar walima, Inna ta je suna Kabo. Washegari ta aiko a kira ni da hantsi, lokacin da ba kowa a gidan. Na same ta a gindin bishiyar darbejiya tana tsintar wake a faifai. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, har akuyata da ta haihu sai da ta tambaya. Sannan ta ce, "Jiya a Kabo na ji mata suna daka suna waƙa da sunana. Kafin in gama ji, wata tsohuwa ta kama ƙafafuna tana kuka, wai kar in manta da ita ranar lahira. An ce ke kika yi waƙar."

Ni sakarya har na fara murmushi, ina jiran a sa mini albarka. Da na ɗago sai na ga idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "'Yar nan, me na yi miki? Ni da ban san makomata ba, ni za a ce na ceci wani? Idan aka tsayar da ni aka ce ke kika ce bayin Allah su dogara gare ki, me zan ce?"

Raina ya ɓaci, don ni ba a taɓa kushe mini waƙa ba. Na ce, "Haba Inna, ai ƙauna ce. Kowa ya san ba bauta miki muke yi ba. Ita waƙa dama sai da ɗan gishiri."

"Ke kin sani," in ji ta. "Tsohuwar da ta kama ƙafata fa? Ke kika yi gishirin, ita ta ci shi a matsayin tuwo." Ta ce in dai da wannan amshin za a yi walima, to, a yi lafiya, ita tana ɗakinta ba za ta fito ba.

Shekara shida ina jiran ranar da zan durƙusa gabanta a cikin jama'a in karanta allona ta shafa kaina, ga shi bakina zai hana ni. Na fashe da kuka, na ce bari in je in yaga takardar kowa ya huta. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Kin ga halin naki ko? Allo ma haka kike jefar da shi. Wa ya ce miki yabo haramun ne? Wanda bai gode wa mutane ba ai bai gode wa Allah ba. Je ki ɗauko ta mu tsince."

Na ɗauko, na zauna a gefen tabarmarta. Ta ce kowane baiti na karanta za mu yi masa tambaya: wannan abin da kika gani da idonki ne, ko abin da Allah kaɗai Ya sani ne, ko abin da Allah kaɗai ke yi? Na karanta wannan:

Ta kama hannuna bisa allo,
Sau goma in ɓata, ta gyara.

Ta ce, "Wannan ya faru, har ya fi sau goma. Bar shi." Baitin da na ce tana zuwa dubiyar ɗalibanta da ƙafa, da wanda na ce ba ta taɓa kunyata wata a gaban aji ba, duk ta bar su, tana sunkuyar da kai tana istigfari. Amma wanda na ce ta haddace littattafai ɗari ta ce in cire, don ƙarya ce, kuma ƙarya ba ta zama gaskiya don an sa mata karin waƙa. Sai muka zo kan wannan:

Zucinta fes, ba ɗigon duhu,
Aljanna tata ce, ta tsira.

"Kin shiga zuciyar tawa kin gani?" ta tambaye ni. Ta ce an koya mana idan za ka yabi mutum ka ce haka nake zatonsa, Allah ne Masaninsa, kar ka yanke wa kowa hukunci a gaban Allah. Abin da ba ki sani ba, in kina so wa mutum shi, sai ki mayar da shi roƙo. Na yi ta juya baitin a bakina ina ƙwanƙwasa cinya don kar karin ya karye, har ya zauna:

Zatonmu alheri gare ta ne,
Allah Ya san ta, Ya sa ta tsira.

Akwai inda na ce ita ta sa shiriya a zuciyata. Ta ce a'a, ita hanya ta nuna, kuma wannan in faɗa da babbar murya ba laifi. Sa shiriya a zuciya kuwa aikin Mai zuciyar ne. Ta ce, "Da a hannuna take, ai da na fara da wasu 'yan gidan nan." Muka yi dariya, don na san wanda take nufi.

Amshin muka bari ƙarshe. Ta ce, "Cire sunana, ki sa sunan Allah a wurin, ki ji." Na gwada layin farko, sai na ji ya zauna daram. Ta ce to duk maganar da ta dace da Shi haka, ba tawa ba ce, rigar wani kika sa mini. Ta tuna mini cewa Annabi da kansa, wanda duk yabonmu bai kai darajarsa ba, ya hana a wuce iyaka a yabonsa, ya ce a kira shi bawan Allah kuma manzonSa. Ceto ma ranar nan ba mai yin sa sai da izinin Allah, balle wata tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na ce to Inna, ina zan sa ki a amshin? Ta ce, "Sa ni inda mabuƙaci yake zama." Kafin azahar amshin ya koma haka:

Allah gare Ka muka dogara,
Ka lulluɓe Inna da gafara.

Ban tsira a nan ba. Ta ce wanda ya ɓata rawarsa da tsalle shi zai gyara, don haka washegari na hau mota zuwa Kabo. Na bi gidan sunan da gidajen maƙwabta ina koya wa mata sabon amshi, ina cewa na farkon kuskurena ne, a bar shi. Ni da ban iya ba da haƙuri ba, ranar na ba da shi ya fi a ƙirga. Tsohuwar nan ma na same ta, na zauna na yi mata bayani har ta rera sabon tare da ni.

Ranar walima Inna ta fito, ta zauna a kujerarta da farin mayafi. Na karanta allona, ta shafa kaina. Da na fara waƙar, duk inda na yabe ta sai ta dubi ƙasa, amma duk lokacin da mata suka ɗauki amshi sai ta ɗaga hannu biyu tana cewa amin, hawaye yana bin fuskarta.

Shekara uku bayan haka Allah Ya karɓi abarSa. Bayan an kai ta, muka zauna a gindin darbejiyar nan. Can wata daga cikinmu ta faɗi amshin a hankali, ba da rerawa ba, muka ce amin. A lokacin na gane abin da ta yi mana. Da na farkon ne a bakinmu, da me za mu faɗa ranar, ga wadda muka ce mun dogara gare ta an rufe ta da ƙasa? Wannan kuwa har gobe yana yi mata amfani, kuma ban taɓa idar da salla ban faɗe shi ba.

Abin da na koya ke nan. Ki yabi malaminki da abin da kika gani, ki roƙa masa abin da ba ki sani ba, ki bar wa Allah abin da yake nasa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya lulluɓe ta da gafara.