Wule, Saniyar Ko-ta-kwana

Duk wanda ya yi zamani da Manu na Wurma ya san abu biyu game da shi: ba ya gaggawa, kuma ba ya sayar da saniya mace. Bijimi dai a ɗauka, amma mace? Ko wane farashi ka taya, sai ya yi maka murmushi ya tambaye ka lafiyar iyali. Bafillace ne da Hausa ta cinye bakinsa, Fillancin sai in zai yi wa shanu faɗa. Yana noman gero da gyaɗa, yana da garke daidai gwargwado, matarsa Kulu tana kai nono kasuwar Kurfi. Bai taɓa cin bashi ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba, kullum maganarsa ita ce Allah Ya gama masa komai sai Makka.

A garken akwai Wule mai farin goshi, jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi ranar sunansa. Kulu kan ce da Wule na iya damun fura da tuni an sallame ta.

Shekara uku bayan samun mulkin kai, da aka yi kaka mai albarka, Manu ya ɗaura niyya. Ya hau motar kasuwa zuwa Dutsin-Ma wajen Alhaji Abdulƙadir mai sayar da atamfa, wanda ya je sau biyu, sau ɗaya ta ƙasa, sau ɗaya ta sama.

"Alhaji, nawa ne Makka?" in ji Manu.

Alhaji ya yi dariya har da tari. "Malam Manu, ai ba goro ba ce da za a ce ƙwarya kaza. Zauna."

Da yake ya san mutumin nasa ba ya gane fam sai an mayar masa da shi ƙaho, sai ya yi masa lissafin da shanu. Jirgi daga Kano zuwa Jidda, zuwa da dawowa, a biya wakilin alhazai tun da sauran watanni, haɗe da fasfo da allurar rigakafi: bijimai shida. Manu ya ce, "Wai!" Masauki a Makka da Madina, da haƙƙin muɗawwafi, wato jagoran da ke kula da baƙi a can, da motocin Madina da Arfa: bijimai biyu. Sai guzuri.

"Can fa ruwan sha ma saye ake yi," in ji Alhaji. "Ga abinci, ga dabbar hadaya, ga tsaraba. In ka dawo ba ka kawo wa Kulu ko zobe ba, kada ka ce ni na ba ka shawara. Sa kuɗin gyaɗarka duka, da bijimi guda. Kuma ka sayar yanzun da suke da ƙiba. Tashi sai cikin bazara, in ka jira lokacin, ƙashi da fata za ka kai kasuwa."

Manu ya ƙirga a yatsu. Tara cif, iyakar bijiman da ya mallaka ke nan, ga rumbu cike da geron da zai riƙe gida har ya dawo. Ya yi hamdala ya fara laluben takalmi.

"Ina za ka? Saura na ko-ta-kwana. Ciwo, ko ɓatan kuɗi, ko jirgi ya ƙi zuwa ranar da aka ce."

"A'a, wannan kam akwai," in ji Manu da ƙarfin gwiwa. "Wule tana nan."

"Tana ina?"

"Gida mana."

"To madalla. In zazzaɓi ya kada ka a Jidda sai ka kira ta da ƙarfi, wataƙila ta jiyo."

Nan Manu ya saki takalmin. Shi a saninsa ajiya ita ce dabba tsaye da ƙafa huɗu, in ta ɓaci a ja ta kasuwa. Bai taɓa zuwa inda garkensa ya fi ƙarfin tafiyar ƙafa ba.

Abin da ya dame shi, sauran matan garken ba nasa ba ne. Wasu sadakin Kulu ne da 'ya'yansu, wasu na yara ne da aka ba su ranar suna, kuma ba a zuwa ɗakin Allah da dukiyar wani. Tasa ta kansa Wule ce kaɗai, ga ta da ciki. Ya yi kwanaki yana zagaye ta kamar mai neman aure. Ya ce ko a rage tsaraba, Kulu ta ce a rage, amma zobe ba ya kai kuɗin saniya. Ya ce ko ya tafi hakanan, Allah na nan. Kulu ta ce, "Malam, Allah na nan, shi ya sa Ya ba ka saniyar."

Ranar kasuwar Kurfi ya ja ta da kansa. Abin da ya fi tsoro shi ne fataken da ke kora shanu Kudu wajen mahauta. Yana tsaye ya ƙi kallon kowa sai ga Hudu na Birchi. Wannan Hudu, shekarun baya ciwo ya share masa garke, Manu ya ɗaure masa karsana irin yadda Fulani ke yi wa junansu: ka riƙe, ka sha nono, 'ya'yan da ta haifa naka, daga baya ka mayar da uwar. Da wannan Hudu ya farfaɗo. Bai yi ciniki ba, abin da dillali ya yanka shi ya biya. Manu ya miƙa igiya ya juya da sauri, don wallahi idonsa ya cika.

Kulu ta ɗinke kuɗin daban a cikin ɗamara, ta ja masa kunne kada ya taɓa su don tsaraba.

Aikin Hajji ya yi kyau. Manu ya ga Ka'aba ya yi kuka, ya tsaya Arfa, ya ziyarci Madina. Guzuri ya kai shi Jidda daidai wa daida, har da zoben Kulu. Sai jirgin komawa ya yi ta ɗagawa, yau gobe, yau gobe, har mako biyu da ɗoriya. Zazzaɓi kuma ya kada shi, kamar da bakin Alhaji. Ya farke ɗamara, ya sayi magani da abinci, ya riƙa ciyar da wani tsoho ɗan ƙasar Katsina da guzurinsa ya ƙare ƙaf. Duk lomar da ya kai baki sai ya ce a ransa, nonon Wule ne.

Ya dawo Wurma Alhaji Manu, ramamme, fuska fes. Ana ta zuwa barka da sauka, shi kuwa bai ko leƙa garke ba, don ya san wadda ba zai gani ba.

Da hantsi wata rana aka yi sallama. Hudu ne, riƙe da 'yar maraƙa mai farin goshi, uwar tana biye tana kuka.

"Alhaji, barka da sauka. Ga 'yar barkata, 'yar Wule ce."

Da ƙyar Manu ya ce, "To uwar fa? Ai taka ce, ka biya."

"Tawa ce mana. Amma ka taɓa ganin an raba maraƙa da nono? Riƙe mani ita har a yaye."

Aka yaye maraƙar, ta girma, ta haihu. Duk sanda suka haɗu a kasuwar Kurfi, Alhaji Manu kan ce, "Hudu, saniyarka fa?" Hudu kan ce yana nan tafe, aiki ne ya yi masa yawa. Har Wule ta mutu da tsufa a Wurma aikin nan bai ragu ba.